Bizar Birtaniya: yadda ake karanta saƙonnin bin diddigi, da ranar da ya dace a tuntuɓi ofis

A Jos babu ofishin karɓar takardun bizar Birtaniya. Duk ɗalibin da ya gama Jami'ar Jos ya samu gurbin digiri na biyu a can, ko ɗan kasuwar da ke son kai ziyara, sai ya kama hanyar Akwanga da Keffi ya je Abuja, a ɗauki hoton yatsunsa da na fuskarsa, ya juyo gida ya zauna jira. Wanda ya biya kuɗin kuwa sau da yawa ba a Jos yake ba. Uba ne ko wa, yana Agege ko Mile 12 ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, kullum da yamma ya buga waya ya ce "yaya dai, sun ce wani abu?" Sai a turo masa hoton wani saƙon Turanci mai layi biyu, kowa a gidan ya fassara shi yadda ransa ya ba shi. Wani ya ce an bayar, wani ya ce an hana, wani ya ce a nemi wanda ya san wani a ofishin jakadanci.

Yawancin saƙonnin nan ba sa cewa an bayar ko an hana. Inda takardunka suka kai kawai suke faɗa. Abin da ke nuna cewa lokacin magana ya yi shi ne lissafin kwanakin aiki, kuma mai nema ne zai yi wannan lissafin da kansa a kan kalanda.

Hukumomi biyu ne, kowa da aikinsa

Wurin da ake zuwa a Abuja, ko a Ikeja da Victoria Island ga mutanenmu na Legas, kamfani ne mai suna VFS Global. Shi ya karɓi wannan aiki a Najeriya daga hannun TLScontact a watan Nuwamban 2024. Aikinsa ɗaukar yatsu da hoto, tura takardu, da mayar da fasfo idan an riƙe shi. Ba ya yanke hukunci, ma'aikatansa kuma ba su da ikon gaggauta shi. Mai yanke hukunci shi ne UKVI, sashen biza na ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya. Ofishin jakadancin Birtaniya da ke Abuja ma ba ya amsa tambayar "ina bizata ta kwana", don haka wanda ya taso daga Jos ya je ya tsaya a ƙofarsa ya yi asarar kuɗin mota kawai.

Wannan rarrabewa ita ke warware rabin ruɗanin. Idan saƙo ya zo daga VFS, to labarin zirga-zirgar takarda ne ko ta fasfo. Idan ya zo daga UKVI, shi ne ake zama a karanta kalma bayan kalma, domin a cikinsa ake neman ƙarin takarda, ko a kira intabiyu, ko a ce za a yi jinkiri, ko a faɗi hukunci.

Lambar da ke haɗa su ita ce wadda ta fara da haruffan GWF, sai lambobi tara a bayansu. Tana kan fom ɗin da aka cike. A rubuta ta a takarda, a kuma ba wanda ke ɗaukar nauyi kwafi, domin duk inda aka je tambaya ita za a fara nema.

Abin da saƙonnin ke cewa

Kalmomin saƙonnin suna ɗan sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, amma ma'anarsu ba ta wuce kaɗan ba. Na farko yakan zo ranar da aka ɗauki yatsu ko washegari, da kalmomi irin "forwarded to UKVI". Ma'anarsa kamfanin ya miƙa abin da ke hannunsa. Ba yana nufin wani jami'i ya buɗe fayil ɗin ba. Daga nan shafin bin diddigi zai iya tsayawa cik a kan wannan layi ɗaya har mako biyu ko uku, kuma wannan ba alamar matsala ba ce. Shafin ba ya nuna matakan da ke cikin ofis. Ko ana duba takardun banki a wannan sa'ar, ko fayil ɗin yana layi ba a kai kansa ba, abu ɗaya za ka gani a waya. Masu buɗe shafin sau goma a rana data kawai suke ƙonawa.

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne mai cewa an yanke hukunci, ko mai cewa "processed", ba tare da ya faɗi wane hukunci ba. A nan ne masana na majalisa ke baje koli: wai in saƙon ya zo da safe an bayar, in ya zo da wuri an hana, in an ambaci kaza to alheri ne. Babu gaskiya a ciki. Saƙo iri ɗaya ake tura wa wanda aka ba da wanda aka hana. Hukuncin kansa yana cikin wasiƙar da UKVI ke aikowa ta imel, wani lokaci kafin saƙon kamfanin, wani lokaci bayansa.

Akwai kuma sauyin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Daga 15 ga Yulin 2025 an daina manna wa ɗalibai takardar biza a cikin fasfo. Abin da ake ba su yanzu shi ne eVisa, wato bizar da ke cikin asusun intanet na UKVI. Ɗalibi yana komawa Jos da fasfonsa a aljihu ranar da aka ɗauki yatsunsa. To kun ga, wanda ke zaune yana jiran saƙon "zo ka karɓi fasfo" kamar yadda yayansa ya yi a 2022, yana jiran abin da ba zai zo ba. Komai ya koma kan akwatin imel.

Shi ya sa tambayar farko da ya kamata mai ɗaukar nauyi ya yi wa yaronsa ita ce: imel ɗin wa aka sa a fom? A Jos, kamar ko'ina, ana yawan cike waɗannan takardu a shagunan kafe na wajen Terminus ko titin Bauchi, ko a hannun ejan, kuma mai cikewa yakan sa adireshinsa don sauƙin aikinsa. Ba lallai da mugun nufi ba. Amma akwatin da ke karɓar saƙonnin mutum hamsin, saƙo ɗaya zai iya nutsewa a ciki, kuma in saƙon na neman ƙarin takarda ne mai wa'adi, wa'adin ba ya jiran kowa. Idan imel ɗin ba naka ba ne, ka nemi a ba ka damar shiga da kanka. Idan naka ne, ka riƙa duba babban akwati da kuma wanda ake kira "Spam" ko "Junk" sau ɗaya kowace rana. Wannan dubawar ta fi duba shafin bin diddigi amfani nesa ba kusa ba.

Lissafin kwanaki

UKVI ta wallafa wa'adin da take aiki da shi ga masu nema daga wajen Birtaniya. Bizar ziyara, ta karatu da yawancin na aiki mako uku ne. Ta zuwa zama wurin miji ko mata mako goma sha biyu ne. Mako a nan kwanakin aiki biyar ne, Litinin zuwa Juma'a, wato mako uku kwanakin aiki 15 ke nan, mako goma sha biyu kuma 60. Lissafin ba ya farawa daga ranar da aka cike fom ko aka biya kuɗi. Yana farawa ne daga ranar da aka je aka ba da yatsu da hoto. A nan mutane suka fi yin kuskure: mutum ya biya kuɗi ranar 20 ga wata, bai samu zuwa Abuja ba sai 5 ga watan gaba, amma yana ta faɗa wa mutane "wata guda ke nan sun riƙe ni", alhali a wurin ofis kwanansa goma.

Bari mu ɗauki misali da kalandar 2025. A ce wata ɗaliba ce daga Unguwar Rogo, ta samu gurbin digiri na biyu da za a fara a tsakiyar Satumba, mahaifinta da ke sana'a a Legas shi ke ɗaukar nauyi. Ta ba da yatsunta a Abuja ranar Talata 5 ga Agusta. Sai ta fara ƙirga daga Laraba 6 ga wata. Zuwa Juma'a 8 ga wata kwana uku. Makon 11 zuwa 15 ya kai su takwas, makon 18 zuwa 22 ya kai su sha uku. Litinin 25 ga Agusta hutu ce a Ingila, irin wanda suke yi kowace Litinin ɗin ƙarshe ta watan Agusta, sai a tsallake ta. Talata 26 ita ce ta sha huɗu, Laraba 27 ga Agusta ta sha biyar.

Kafin wannan Larabar, babu dalilin tuntuɓar kowa. UKVI da kanta ta ce ba ta ba da bayani a kan neman da ke cikin wa'adinsa. Wanda ya biya kuɗi ya tambaya a kwana na takwas, amsar da zai samu ita ce ana kan aiki, abin da ya riga ya sani. Idan Laraba 27 ta wuce, ba hukunci, ba kuma wani saƙo da ke bayyana dalili, to an shiga lokacin da ya halatta a yi magana. A ganina ya kyautu a ƙara kwana biyu ko uku na aiki, a sake bincika duk akwatunan imel, sannan a rubuta. Ga wannan ɗaliba, Litinin 1 ga Satumba rana ce mai kyau. Kada ta bari ya wuce wannan makon, domin karatu na matsowa.

Hutun Najeriya kuwa ya fi shafar wanda fasfonsa ke hannun kamfani, tunda cibiyoyin nan suna rufewa ranar hutun gwamnati, kamar hutun Maulidi da ya faɗo Juma'a 5 ga Satumban wannan shekarar. Wanda ya biya kuɗin a aiko masa da fasfo Jos sai ya ƙara kwanakin hanya a kai. Jinkirin fasfo bayan an riga an yanke hukunci magana ce ta VFS da kamfanin aike, ba ta UKVI ba, kuma can ake kai ta.

Idan an ce maganar ba miƙaƙƙiya ba ce

Akwai imel ɗin da masu nema suka sani da kalmomin "not straightforward". Yakan zo kusa da cikar wa'adi, ya ce ba za a iya yanke hukunci cikin lokacin da aka saba ba. Wannan ba hani ba ne, ba kuma share fagen hani ba ne. Ma'anarsa akwai abin da ake son tabbatarwa: ko takardar banki ake tantancewa, ko takardar makaranta ko ta wurin aiki, ko ana son a yi intabiyu, ko akwai wani abu a tarihin mai nema, kamar hanin da aka taɓa yi masa a baya. Mutane da yawa sun samu wannan saƙo kuma an ba su biza daga baya.

Abin da ya kamata a gane shi ne, da zarar wannan saƙo ya zo, wa'adin kwana 15 ya daina aiki, kuma ba a cika ba da sabon wa'adi a madadinsa ba. Aiki na farko shi ne a karanta shi har ƙarshe a ga ko an nemi wani abu. In an nemi takarda, a tura ta ta hanyar da aka faɗa, cikin kwanakin da aka rubuta, da lambar GWF a kai. In an sa ranar intabiyu, to ba a wasa da ita. Ga ɗalibai ana yin ta ta bidiyo, ana tambayar dalilin zaɓen kwas da makaranta da yadda za a biya kuɗi, kuma wanda bai halarta ba ba tare da uzuri ba zai iya rasa bizar a kan haka kaɗai. In ba a nemi komai ba, babu abin turawa, kuma tura takardun da ba a tambaya ba ba ya ƙara sauri.

A nan mai ɗaukar nauyi yana da rawar takawa daga inda yake. Idan asusun mahaifi aka nuna, kuma a reshen banki na Legas yake, to can tambayar tantancewa za ta iya zuwa, ba Jos ba. Yana da kyau ya leƙa wurin jami'in da ke kula da asusunsa ya sanar da shi, ya tabbatar cewa takardar da aka bayar ta yi daidai da abin da ke cikin na'urar banki. Haka idan an sa lambar wayar wani mai gida a wurin aiki, a gaya masa ya riƙa ɗaukar baƙuwar lamba.

Yaushe ake tuntuɓa bayan irin wannan saƙo? Babu ranar da aka kafa. Abin da ke yanke magana shi ne ko akwai wata rana da in ta wuce za a yi asara. Ga ɗalibarmu akwai: ranar ƙarshe da jami'a ke karɓar rajistar wanda ya makara. Wannan ranar ta fi ranar fara karatu muhimmanci, kuma jami'a ce ke da ita. Don haka ranar da saƙon jinkiri ya zo, wasiƙar farko ba UKVI za a rubuta wa ba, ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar za a rubuta wa, a haɗa da kwafin saƙon, a tambayi ranar ƙarshe, a kuma tambaya ko za su iya ƙara ta su sabunta bayanin a kan CAS, wato lambar shaidar gurbi da suka bayar. Idan ranar ta wuce ba a sabunta ba, gurbin da aka nemi bizar dominsa ya tashi, sai maganar ɗage karatu zuwa wani zangon.

Yadda ake tuntuɓar

Hanyar tana shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ƙarƙashin "Contact UK Visas and Immigration". Ga wanda ke wajen Birtaniya ba kyauta ba ce. A 2025 saƙon rubutu fam 2.74 ne, ana kuma sa ran amsa cikin kwanakin aiki biyar, kiran waya kuma fam 0.69 ne kowane minti ban da kuɗin layinka. Da kati ake biya, don haka a tabbatar katin yana aiki a shafukan waje kafin a zauna. Rubutu ya fi kira, domin yana barin shaida a hannu, kuma ci gaba da magana a kan tambaya ɗaya ba ya buƙatar sabon biya.

Masu amsa waɗannan saƙonni ba su ne masu yanke hukunci ba. Iyakarsu su duba na'ura su faɗi matsayin da ke ciki, in kuma wa'adi ya wuce su miƙa maganar ga sashen da ke riƙe da fayil. Wannan miƙawar ita ce abin nema, kalmar da suke amfani da ita kuwa "escalate" ce, kuma babu laifi mutum ya roƙe ta kai tsaye. Saƙon ya zama gajere: cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar fasfo, lambar GWF, irin bizar, ranar da aka ba da yatsu da wurin, adadin kwanakin aikin da suka wuce, sai ranar da za a yi asara in ta wuce da takardar da ke nuna haka. Doguwar gaisuwa da labarin wahalar da iyali suka sha ba sa ƙara komai. Ga ɗalibarmu, jimla ɗaya ce ke da nauyi: an ba da yatsu 5 ga Agusta a Abuja, kwanakin aiki 15 sun cika 27 ga Agusta, jami'a za ta rufe rajista ranar kaza, ga wasiƙarta.

Akwai halin da ba a jiran cikar wa'adi. Idan tafiyar ta rashin lafiya mai tsanani ce ko rasuwar ɗan uwa na kusa, ana rubutawa nan take da takardar asibiti. Haka idan mutum ya gano an rubuta lambar fasfo ko ranar haihuwa ba daidai ba, ko ya rasa imel ɗin da ke kan fom. Tikitin jirgi da aka riga aka saya ba ya cikin wannan sahu, domin UKVI ta sha faɗa cewa kada a sayi tikiti sai hukunci ya fito.

Idan an miƙa magana, makonni sun wuce ba wani motsi, mataki na gaba shi ne shigar da koke ta fom ɗin ƙorafi na UKVI. Wannan kyauta ne, kuma wa'adin amsarsa kwanakin aiki 20 ne. Abin da ba a yi shi ne janye neman don haushi a sake sabo. Bayan an ba da yatsu ba a mayar da kuɗin biza, wanda a 2025 ya kai fam 524 ga ɗalibi, sabon nema kuma daga kwana na ɗaya zai fara, abin da ya jawo tantancewar farko yana nan yana jiransa. Hidimar gaggawa ta kwanakin aiki biyar, mai fam 500, tun lokacin nema ake sayenta, ita ma in fayil ya faɗa cikin masu buƙatar tantancewa ba ta hana jira.

Lokacin jira kuma shi ne kasuwar 'yan damfara. Za a bugo waya ko a turo saƙon WhatsApp a ce fayil ya maƙale, a tura naira kaza a wani asusu a sake shi. Sukan fi bin iyaye, domin sun san su ne masu kuɗin kuma ba su ke ganin imel ba. UKVI ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, adireshin imel ɗinta kuma da "gov.uk" yake ƙarewa. A danna sunan mai aikowa a ga cikakken adireshin, kada a tsaya ga sunan da ya bayyana a sama.

Kada kuma a ɗauki lissafin Birtaniya a aza wa wata ƙasa, ko a ɗauko na wata a aza mata, abin da ke yawan faruwa in ana hira a majalisa. A bizar Shengen ta ƙasashen Turai wa'adin kwana 15 ne na kalanda, har da Asabar da Lahadi, kuma ana iya tsawaita shi zuwa 45. A ta Amurka, shafinsu na CEAC yana iya nuna "Refused" alhali fayil ɗin yana ƙarƙashin ƙarin bincike ne na sashe 221(g), kuma ƙa'idarsu ita ce a jira kwana 180 daga ranar intabiyu ko ranar miƙa ƙarin takardu kafin a tambaya, sai dai in tafiyar ta gaggawa ce.

Idan wasiƙar amincewa ta iso, saura aiki ɗaya kafin a sayi tikiti. Ɗalibi ya buɗe asusun UKVI da imel ɗinsa da lambar wayarsa na kansa, ba na mai shago ba, ya shiga ya ga eVisa ɗin da idonsa, ya duba suna, ranar haihuwa, ranar da bizar ta fara da ranar da za ta ƙare, da lambar fasfon da aka haɗa. Kamfanin jirgi da wannan bayanin zai tantance shi a filin jirgin Abuja ko Legas. In harafi ɗaya ya kauce, akwai fom na kai rahoton kuskuren eVisa a GOV.UK, kuma tun yana Jos ya kamata ya cike shi.